Yadda Ake Fassara Salon Maganar da Hotonsa Ba Ya Tafiya a Hausa

Kowane harshe yana da maganganun da ke ɗauke da hoto a cikinsu, amma ba hoton ake nufi ba. In Bahaushe ya ce wane ya yi ɓatan ɓakatantan, ko ya ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ba wanda zai tashi neman kada a bakin rafi. Turanci ma cike yake da irin waɗannan, kuma su ne ke yawan tsayar da sabon mai fassara. Zai ga kalmomi duka ya san su, ya jera su da Hausa, sai maganar ta fito ba kai ba gindi: giwa fara, tsinin dutsen ƙanƙara, ƙwallo a filin wani. Mai sauraro zai ji Hausa ce ake yi, amma bai kama komai ba.

A nan zan nuna maka yadda nake bi da su in ina fassara labarai da takardu daga Turanci zuwa Hausa. Hanya biyu ce a gabanka a kowane lokaci: ko ka samo salon magana na Hausa da ya yi daidai da na Turancin, ko ka faɗi ma'anar a fili ba ado. Aikin duka shi ne sanin wadda za ka bi, da kuma dalili.

Kayan aiki

Na farko, ƙamus na Turanci zalla, wato mai bayanin Turanci da Turanci, irin na masu koyo, domin su ne ke kawo salon magana a ƙarƙashin kalma tare da misalin jimla. Ƙamus mai harshe biyu ba zai wadatar a nan ba, don sau da yawa kalma ɗaya-ɗaya yake ba ka.

Na biyu, ƙamusun Hausa. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, tsoho ne amma rumbu ne na karin magana da salon magana, kuma ana samun sa a intanet. Sai dai ka riƙa lura, akwai maganganun da ke cikinsa da yau matasa ba su taɓa ji ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, yana bayanin Hausa da Hausa, ya fi kusa da yadda ake magana yanzu. Na Roxana Ma Newman, Turanci zuwa Hausa, na 1990, yana taimakawa wajen tuna maka kalmar da ta maƙale a bakin harshe.

Na uku, littafin rubutu naka na kanka, ko fayil a waya. Ka raba shafi gida huɗu: maganar Turanci, ma'anarta a fili, abin da ka zaɓa da Hausa, da irin takardar da ka yi amfani da shi a ciki. Gida na huɗun nan kada ka raina shi, za ka ga amfaninsa a gaba.

Na huɗu, mutum ɗaya da Hausa ta zauna masa a baki kuma ba ya jin Turanci sosai. Gyatuma ce, ko maƙwabcinka mai shago, ko wani dattijo a majalisa. Wanda ya iya Turanci ba zai yi maka wannan aikin ba, domin in ka karanta masa gurguwar fassara, kansa zai koma ga Turancin ya cike giɓin, ya ce maka ta yi.

Sannan rubutun da za ka fassara ya kasance a hannunka gaba ɗayansa. In wani ya turo maka jimla ɗaya ya ce ka juya, ka nemi abin da ke gabanta da bayanta.

Ga ɗan sakin layi da na shirya domin gwaji, irin wanda ake gani a labaran jihohi. Da shi za mu yi aiki har ƙarshe:

"The commissioner said the ghost workers uncovered so far were just the tip of the iceberg. He called the abandoned market a white elephant, warned that ministries must tighten their belts, and said the ball was now in the union's court."

1. Gano cewa salon magana ne

Karanta rubutun duka sau ɗaya ba tare da ka fassara komai ba, kana riƙe da biro. Duk inda wani abu ya faɗo wanda ba shi da alaƙa da zancen da ake yi, ja layi a ƙarƙashinsa. Ana maganar albashi da kasuwa da ƙungiyar ƙwadago, me ya kawo ƙanƙara da giwa da ƙwallo da fatalwa? Wannan baƙuntar ita ce alama. A sakin layinmu wurare biyar ne za ka ja wa layi.

Masu wuyar ganewa su ne waɗanda hotonsu bai yi baƙunta ba. Ɗaure bel abu ne da mutum ke yi kullum, don haka ido kan wuce shi. Dabarar ita ce ka tambayi kanka ko mai maganar zai iya nufin abin a zahiri. Ma'aikata ba ta da ƙugu, saboda haka ba bel na gaske ba ne.

2. Cire hoton, ka rubuta ma'anar tsirara

Kafin ka fara laluben karin magana, rubuta a gefe abin da maganar ke nufi da Hausa mafi sauƙi, kamar kana yi wa yaro ɗan shekara goma bayani. Wannan matakin shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. In ba ka iya rubuta ma'anar a jimla ɗaya ba, to ba ka fahimce ta ba tukuna, koma ƙamus.

Ga namu. Ma'aikatan fatalwa: sunayen da ke cikin jerin masu karɓar albashi alhali babu mutanen a bakin aiki. Tsinin dutsen ƙanƙara: abin da aka gani kaɗan ne, mafi yawan matsalar tana nan a ɓoye. Hoton ya fito ne daga manyan curin ƙanƙara da ke yawo a teku mai sanyi, waɗanda wajen kashi tara cikin goma na jikinsu ke ƙarƙashin ruwa. Farar giwa: abin da aka kashe wa kuɗi mai yawa, riƙe shi ma yana cin kuɗi, kuma ba ya amfanar kowa. Ɗaure bel: rage kashe kuɗi saboda abin hannu ya yi ƙaranci. Ƙwallo a ɓangaren wani: mu mun yi namu, yanzu shi ake jira ya ɗauki mataki. Wannan daga wasan tanis ne, inda in ka buga ƙwallo ta tsallaka raga, sai abokin wasanka ya mayar.

Lura da ƙananan abubuwan da na saka a ciki: "tana nan a ɓoye", "riƙe shi ma yana cin kuɗi", "mu mun yi namu". Da su za ka auna duk salon Hausar da ya zo maka.

In ba ka da ƙamus a kusa, rubuta maganar a Google tsakanin alamun zance biyu, ka karanta jimloli huɗu ko biyar na jaridu daban-daban da suka yi amfani da ita. Abin da jimlolin suka yi tarayya a kai shi ne ma'anar. In babu intanet ma, jimlolin da ke kewaye da maganar za su nuna maka inda ta dosa, sai ka tsaya a kan ma'ana a fili, kada ka yi kasadar sa karin magana a kan abin da ka cinta.

3. Duba wane ne ke magana, kuma wa ake yi wa

Tambayoyi uku ne. Wace irin takarda ce? Maganar a bakin wa take? Su wa za su ji?

Takardar asibiti, yarjejeniya, hukuncin kotu, umarnin shan magani, sanarwar gargaɗin ambaliya: waɗannan ba wurin ado ba ne, ma'ana a fili kawai. A ce likita ya rubuta game da majinyaci cewa "he is not out of the woods yet". Hausa tana da abin da ya zauna daram a kan wannan, wato da sauran rina a kaba. Amma ba za ka tsaya gaban iyalin mara lafiya ka ce musu haka ba. Za ka ce har yanzu bai fita daga haɗari ba. Wannan maganar ta Turanci kuwa, in a sharhin tattalin arziki ta fito, da sauran rina a kaba ita ce ta fi daɗi. Ka ga dalilin gida na huɗu a littafinka.

Game da masu sauraro, ka tuna Hausa tana da faɗi. Abin da za a karanta a Kano da Damagaram da Zangon Kumasi da Garwa lokaci guda ba ya son karin magana mai zurfi da sai ɗan gari ɗaya ya sani. In kuwa rediyon jiha ne, kana da damar sakin jiki.

4. Tara abin da Hausa take da shi, ka auna kowanne

Yanzu ne lokacin laluben salon Hausa. Kada ka tambayi kanka yadda ake cewa kaza da Hausa. Ka ƙaddara abin ya faru a garinku, ka tambayi kanka me mutane za su ce. Rubuta duk abin da ya zo, biyu ko uku, sannan ka ɗora kowanne a kan ma'anar da ka rubuta a mataki na biyu. Abu uku nake dubawa: ko ma'anar ta zo ɗaya, ko nauyin ya zo ɗaya, da ko salon Hausar ya shigo da wani abu da mai maganar bai faɗa ba.

Fara da tsinin ƙanƙara. Abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne somin taɓi, kuma za ka gan shi a jaridu a wannan gurbin. Amma auna shi. Somin taɓi yana kallon gaba ne: abin da ka gani farko ne, babban yana tafe. Maganar Turancin kuwa tana kallon ƙasa: babban ya riga ya wanzu, ba a dai tono shi ba. Wani lokaci biyun suna haɗuwa. In kwamishinan yana nufin bincike zai ci gaba kuma za a kama wasu, somin taɓi ya shiga. In kuwa yana bayyana girman ɓarnar da ke ƙasa ne, somin taɓi zai sa mai sauraro ya ɗauka kwamishina yana barazanar kora, alhali bai yi ba. A sakin layinmu babu maganar abin da za a yi nan gaba, don haka ni ma'ana a fili zan ɗauka: waɗanda aka gano kaɗan ne daga cikin waɗanda ke akwai.

Farar giwa ta fi haɗari, domin hotonta yana da ma'ana a Hausa, amma kishiyar wadda ake nufi. A wurinmu giwa kirari ce. Ana kiran babban mutum giwa, toron giwa, kuma fari alama ce ta alheri. Wanda ya ji an kira kasuwa farar giwa zai iya ɗauka yabonta ake yi. Me Hausa take da shi? Akwai aikin baban giwa, wanda ake faɗa wa wahalar da ta tashi a banza. Ya kusa, har giwar ma tana ciki, kuma wannan kamannin ne ke jan hannun mutum. Sai dai shi a kan wahala yake, bai taɓo kuɗin da aka narkar ba, bai kuma taɓo ginin da ke tsaye yana ci gaba da cin kuɗin gadi da gyara ba. A labarin da kuɗi ne zuciyarsa, wannan rashi babba ne. Zan ce kasuwar ta lamushe maƙudan kuɗi ba tare da ta amfani kowa ba. Kalmar lamushe da kanta tana da ɗan hoto, don haka jimlar ba ta fito a bushe ba.

Ɗaure bel shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Hausa tana da ɗaura ɗamara, hoto kusan iri ɗaya: mutum yana ɗaure ƙugu. Amma ɗaura ɗamara shiri ne na tunkarar aiki ko faɗa, ɗan'uwan zage damtse. In ka rubuta cewa ma'aikatu su ɗaura ɗamara, ka mai da gargaɗin rage kashe kuɗi ya koma kiran a ƙara himma, kuma babu mai karatun da zai gane an yi kuskure, domin jimlar lafiyarta ƙalau. Abin da ya dace yana nan a bakin kowa: tsuke bakin aljihu. Hoton daban ne, aljihu maimakon ƙugu, amma ma'ana ɗaya, nauyi ɗaya, kuma jami'in gwamnati zai iya faɗarsa ba tare da an ji wani iri ba. Irin wannan ne ake kira an dace, kuma a nan ba ni da wata-wata, salon Hausa zan sa.

Ka riƙe wannan darasin da kyau: kamannin hoto ba hujja ba ce. Akwai irinsu da yawa. Bature in ya ce "pulling your leg" zolayarka yake yi, mu kuwa jan ƙafa jinkiri ne da nawa. In ya ce akwai "bad blood" tsakanin mutum biyu, gaba yake nufi, wato ba sa ga maciji, amma baƙin jini a wurinmu rashin karɓuwa ne ga jama'a. In ya yi maganar "the long arm of the law", ikon hukuma na kamo mai laifi ko'ina yake ya ke nufi, kai kuwa in ka ce hukuma tana da dogon hannu ka kira ta ɓarauniya. Duk lokacin da salon Hausa ya zo maka da sauri saboda kalmominsa sun yi kama da na Turancin, tsaya ka sake aunawa.

Saura ƙwallo. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun yi yawa a cikinmu, don haka wasu kan bar ta yadda take, su ce ƙwallo tana ragar ƙungiya ko tana gidanta. Matsalar ita ce a ƙwallon ƙafa in ƙwallo tana ragarka an ci ka ke nan, in tana gidanka kuma ana matsa maka ne. Hoton ya juye. To, a Hausa fa? Biyu ne za su zo maka. Wuƙa da nama suna hannunsu: wannan yana nufin iko duka nasu ne, su yanka inda suka so, kuma kwamishina bai miƙa wa ƙungiya iko ba, amsa kawai yake jira. Dabara ta rage ga mai shiga rijiya: wannan ya fi kusa, amma yana ɗauke da gargaɗi da zare hannu, kamar a ce mun faɗa muku, abin da ya same ku ku kuka ja. Sa wannan a bakin kwamishina a tsakiyar taƙaddama da 'yan ƙwadago, gobe shugabannin ƙungiya za su fito su ce an yi musu barazana, alhali kai ne ka ƙera ta. A fili zan faɗa: yanzu ƙungiyar ake jira ta ɗauki mataki.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so sabon mai fassara ya gane. Yawancin salon maganar Turanci da ke cikin jaridu sun riga sun sha jiki, mai karatunsu ba ya ma ganin hoton, wucewa yake yi kamar kalma ce ta yau da kullum. Cikakken karin maganar Hausa kuwa ba ya wucewa haka. Yana tsayar da mai sauraro, yana yanke hukunci, sau da yawa kuma yana da wanda yake yi wa habaici. Saboda haka in ka musanya gajeren salon Turanci da cikakken karin magana, ko da ma'anar ta zo ɗaya, ka ƙara wa maganar nauyin da ba ta da shi. Gajerun salon Hausa irin su tsuke bakin aljihu, kau da kai, lashe amai, miƙa wuya, su ne tsaran na Turancin. Dogon karin magana ka ajiye shi sai inda marubucin ma karin magana ya yi da gangan. A can ne za ka sa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu a gurbin "once bitten, twice shy", ko a bar kaza cikin gashinta a gurbin "let sleeping dogs lie", kuma su zauna kamar don wurin aka yi su.

Na bar ma'aikatan fatalwa a ƙarshe don ba su da wahala. Hausa ta riga ta yi musu suna, ma'aikatan bogi. In jama'a sun riga sun zaɓi suna, bi su.

5. Haɗa jimlar, ka sake gina ta da Hausa

Ga abin da muka samu:

"Kwamishinan ya ce ma'aikatan bogin da aka gano zuwa yanzu kaɗan ne daga cikin waɗanda ke akwai. Ya ce kasuwar da aka yi watsi da ita ta lamushe maƙudan kuɗi ba tare da ta amfani kowa ba, ya kuma gargaɗi ma'aikatu da su tsuke bakin aljihu. Game da ƙungiyar ƙwadago kuwa, ya ce yanzu ita ake jira ta ɗauki mataki."

Cikin biyar, biyu ne suka sami salon Hausa, uku an faɗe su a fili. Wannan rabo ba abin kunya ba ne, haka aikin yakan fito a labarai. Lura kuma na yanke doguwar jimlar Turancin gida biyu, domin ma'ana a fili ta fi salon magana tsawo, in ka cusa duka a jimla ɗaya mai karanta labarai zai ƙare numfashi kafin ya kai aya.

In ka ga rubutun ya bushe da yawa, musamman a sharhi ko jawabi ko labarin ƙirƙira inda daɗin harshe yake cikin saƙon, akwai dabarar ramuwa. Ka rasa ado a wannan jimlar, sai ka mayar da shi a wata jimlar da Turancinta a fili yake amma Hausa tana da salo mai kyau a wurin. Marubuci ya ce an ɗauki mataki bayan ɓarna ta riga ta auku, kai sai ka ce ihu bayan hari. Amma ramuwa a cikin bayanin marubuci ake yin ta. Kada ka yi ta a cikin maganar da aka sa tsakanin alamun zance, domin wannan amanar bakin wani ce. In ma ka sauya hoton da mutum ya yi amfani da shi sosai, ya fi aminci ka cire alamun zancen ka ce "ya ce", kamar yadda na yi a sama.

6. Inda marubuci ya ci gaba da wasa da hoton

Wani lokaci ba za ka iya jefar da hoton ba, don jimla ta gaba a kansa ta hau. A ce bayan tsinin ƙanƙara kwamishinan ya ƙara da cewa abin da ke ƙarƙashin ruwan zai iya nutsar da jirgin jihar. In ka faɗi ta farko a fili ka bar ta biyu yadda take, mai sauraro zai tambaya wane ruwa, wane jirgi. Ko dai ka sauke duka biyun zuwa ma'ana, ka ce waɗanda ba a gano ba za su iya durƙusar da baitulmalin jihar, ko ka riƙe hoton ka buɗe shi da kalmar kamar: ya ce matsalar kamar dutse ce a cikin kogi, kansa kaɗai ake gani, gindinsa kuwa zai iya fasa kwalekwale. Na mai da ƙanƙara dutse, teku kogi, domin wanda ya san Kwara ko Binuwai ya san wannan haɗarin. Kalmar kamar tana sanar da mai sauraro cewa misali ake yi, sai ya buɗe kunne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rabi a fili rabi a hoto.

Akwai kuma hotunan da suka riga suka shigo Hausa suka zauna, irin su jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ko ba wa mutum jan kati. Ba na faɗa da waɗannan, tunda hotonsu yana bayyana kansa ga wanda ya taɓa jifan tsuntsu ko ya kalli wasa. Sai dai ganin magana a jarida sau ɗaya ko biyu bai sa ta zama Hausa ba, mai yiwuwa wani mai gaggawa ne ya juya ta, na bayansa ya kwafa.

7. Gwaji da kunne

Karanta fassarar da ƙarfi ga mutumin nan naka da ba ya jin Turanci. Kada ka tambaye shi ko ya gane, zai ce e don kara. Ce masa, Baba, me kwamishinan nan ya ce game da kasuwa? Ko, Hajiya, a ganinki faɗa yake yi wa ƙungiyar ko lallashi? Amsar da ya bayar da bakinsa ka ɗora a kan ma'anar da ka rubuta a mataki na biyu. In sun zo ɗaya, ka gama. In ya yi dariya a inda ba abin dariya, ko ya ce kai, ashe abin ya yi zafi haka, to nauyin ya kauce, koma mataki na huɗu.

In babu kowa a kusa, ajiye rubutun ka yi wani abu na ɗan lokaci, sannan ka rufe Turancin ka karanta Hausar ita kaɗai. Duk inda sai ka tuno Turancin kafin jimla ta yi ma'ana, nan ne gyara yake.

Mai tafinta a taro ko a asibiti ba shi da lokacin duk wannan. Shi ƙa'idarsa gajeriya ce: ma'ana a fili, sai dai salon da ya riga ya auna tun a gida ya rubuta a littafinsa. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke juyowa daga Faransanci matakan nan ɗaya ne a wurinsu, hotunan ne kawai suka bambanta. Bafaranshe yakan ce an sa garma a gaban shanu, manomi zai gane hoton sarai, amma riga malam masallaci ya fi saurin shiga kunne in gaggawa ake nufi, in kuwa juya tsarin aiki ake nufi, sai a ce an fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Wanda ka zaɓa, rubuta shi a littafinka tare da irin takardar da ya fito a ciki, domin ranar da maganar ta sake zuwa a takardar kotu maimakon sharhi, za ka so ka san dalilin zaɓinka na farko kafin ka maimaita shi.